Ja da Fari a Cikin Saifa

"Likita a nan Maradi ya ce saifar yarona mai sikila ta yi rauni, a riƙa ba shi penisilin kullum. Ya ambaci jan ɓangare da farin ɓangare. Mene ne bambancinsu?"

Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. In aka yanka saifa, kusan kashi uku cikin huɗu ja ne, sai ɗigo-ɗigon fari a warwatse kamar an barbaɗa gero.

Jan aikinsa tankaɗe, tamkar rariya. Kafin jini ya fita, dole kowace jar ƙwayar jini ta matsu ta bi ta wata tsaga da ba ta kai rabin faɗinta ba. Lafiyayya takan lanƙwashe ta wuce. Wadda ta tsufa, bayan kamar kwana 120, ta yi tauri, sai ta maƙale. Ƙwayoyin makurofaj, masu share dattin jiki, su cinye ta, su mayar wa jiki da sinadarin ƙarfen da ke cikinta. Haka jan ɓangaren yake kama ƙwayoyin da cutar cizon sauro ta shiga, shi ya sa yaranmu da yawa saifarsu ke kumbura a ƙarshen damina.

Farin kuwa masu gadi ne, wato fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait. Limfosait T sun kewaye ƙananan jijiyoyin jini, limfosait B sun taru kusa da su. Da ƙwayar cuta ta biyo jini, sai su ƙera garkuwar da za ta manne mata. Sun fi amfani a kan ƙwayoyi masu kwanso mai santsi, irin nimokokus mai kawo ciwon huhu, da mai kawo sanƙarau.

A jikin mai sikila, ƙwayoyin da suka koma kamar lauje suna toshe rariyar. Wani lokaci jini ya taru a ciki farat ɗaya: hagun ciki ya kumbura ƙarƙashin haƙarƙari, tafin hannu da cikin ido su yi fari, yaro ya yi laushi. Wannan matsalar jan ce, kuma ido na ganinta. A tafi asibiti nan take, don sau da yawa sai an ƙara jini.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne wanda ba a gani. Toshewa bayan toshewa tana kashe naman saifar, har masu gadin su tafi tare da rariyar, galibi kafin shekara 5. Ba kumburi, ba ciwo, yaro na wasansa. Amma nimokokus na iya mamaye jininsa cikin sa'o'i.

Penisilin ɗin gurbin wannan gadin yake cikewa, tare da alluran rigakafi. Don Allah kada ki dakatar da shi don kin ga yaro garau. In zafin jikinsa ya kai digiri 38.5, ko da tsakar dare ne, ki kai shi, ki faɗa musu tun daga ƙofa cewa mai sikila ne.