Share kash ko goge manhaja a sake saukewa: wanne za ka fara idan manhajar kallo ta maƙale?

Ka buɗe manhajar kallo, tambarinta ya fito, sai ɗan da'irar nan ya kama juyawa ba ƙaƙƙautawa. Ko kuma ta buɗe ta rufe kanta nan take. Shawara biyu za ka ji daga mutane: a share kash, ko a goge manhajar a sake sauke ta. Ni dai share kash nake farawa da shi, kuma ina da dalili, domin ɗaya hanyar ta taɓa ja mini asara.

A wayar Android, abin da manhaja ke ajiyewa kashi biyu ne. Akwai kash, wato tarkacen wucin gadi: hotunan fuskar finafinai, jerin shirye-shiryen da aka nuna maka jiya, gutsattsarin bidiyon da aka jawo a gaba don kada kallo ya tsaya. Akwai kuma bayananka na ainihi: shaidar cewa ka shiga asusunka, saitunanka, da finafinan da ka sauke don kallo ba intanet. Idan intanet ya yanke ko waya ta mutu ana tsakiyar rubuta wani fayil na kash, fayil ɗin zai iya zama rabi da rabi. Manhaja ta zo karanta shi ta kasa, ta sake gwadawa ta kasa, kai kuma da'ira kawai kake gani. Haka ma bayan sabuntawa, sabuwar manhaja na iya tarar da tsohon kash da bai dace da ita ba.

Share kash wannan tarkacen kaɗai yake ɗauka. Ba ya fitar da kai daga asusu, a yawancin manhajoji ba ya taɓa abin da ka sauke, kuma bai kai minti ɗaya ba. Ka shiga Settings, ka zaɓi Apps, ka taɓa sunan manhajar. Kafin komai ka danna Force stop. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali manhajar da ke aiki a ɓoye tana riƙe da gurɓataccen abin a ƙwaƙwalwa, tana iya sake rubuta shi. Daga nan ka shiga Storage, ko Storage & cache a wasu wayoyin, ka danna Clear cache. Buɗewar farko za ta ɗan yi nawa saboda ana sake jawo hotuna, wannan ba matsala ba ce. Talabijin mai Android TV ko Google TV ma yana da waɗannan maɓallan a ƙarƙashin Apps.

Ka dai duba da kyau kafin ka danna. Kusa da Clear cache akwai Clear storage, wasu wayoyin kuma Clear data suke rubutawa. Wannan yana mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta, ya tafi da shigarka da duk abin da ka sauke.

Ga abin da ya same ni. Ana gobe zan yi doguwar tafiya, na sauke kashi goma sha huɗu na wani shiri, wajen gigabait huɗu. Da dare manhajar ta maƙale a shafin farko. Ban tsaya tunani ba na goge ta na sake saukewa. Ta buɗe lafiya, amma kashi goma sha huɗun nan sun tafi gaba ɗaya. Finafinan da ake saukewa a irin waɗannan manhajoji a kulle suke da makullin kare haƙƙin mallaka, a cikin ma'ajiyar manhajar suke zaune, ba za ka iya kwafe su gefe ka dawo da su ba. Sannan ta nemi kalmar sirri da na shekara biyu ban rubuta ba, lambar tabbatarwa kuma aka tura ta wani tsohon imel. Tafiyar nan haka na yi ta ba abin kallo. Bayan wata biyu da matsalar ta dawo, Force stop da Clear cache kawai na yi, ta tashi, abin da na sauke yana nan.

Sake saukewa yana da wurinsa, amma ƙarami ne: idan sabuntawa ta katse a tsakiya har fayilolin manhajar kanta suka lalace, alamarsa kuwa ita ce ta rufe tun kafin tambari ya gama fitowa, kuma ko Clear storage bai yi magani ba. Ko a nan ma, tun daga Android 6.0 na shekarar 2015 waya na iya adana saitunan manhaja har megabait 25 a asusun Google, ta dawo da su idan ka sake saukewa, don haka gurɓataccen saiti na iya biyo ka. Masu iPhone ne kawai zan yi wa uzuri, domin ba su da maɓallin share kash na kowace manhaja. Abin da suke da shi yana Settings, General, iPhone Storage: Offload App yana cire manhajar ya bar bayananta, Delete App yana kwashe komai. A fara da na farkon.

Akwai lokacin da share kash da sake saukewa duka biyun ɓata lokaci ne. Ka kashe Wi-Fi ka gwada da datar waya. Idan ta buɗe, laifin layin gida ne. Ka gwada asusun a wata na'ura. Idan can ma da'ira ce, matsalar daga kamfanin take, sai haƙuri. Ka kuma duba kwanan wata da agogon na'urar, musamman talabijin da aka daɗe da cire wa wuta, domin idan kwanan wata ya kauce, haɗin tsaro da kamfanin ba ya ƙulluwa. A watan Maris na 2021 wata sabuntawar Android System WebView, wato ɓangaren Android da manhajoji ke nuna shafukan intanet da shi, ta sa manhajoji da yawa suka riƙa rufe kansu, mutane suka yi ta gogewa suna saukewa a banza, alhali gyaran yana cikin sabunta WebView ɗin.

Abin da ya fi damuna da shawarar a goge a sake saukewa shi ne inda take kai mutane. Mutum ya goge manhaja, ya shiga burauza ya rubuta sunanta, sai ga shafuka suna tallata fayil ɗin APK, wato fayil ɗin da ake sa manhaja a wayar Android da shi, wai an buɗe komai kyauta, ba biyan kuɗin wata, ba talla. Wasu ma cewa suke wannan ce sigar da aka gyara matsalar maƙalewa. Tambari iri ɗaya, launi iri ɗaya, shafin shiga iri ɗaya. Ka rubuta imel da kalmar sirri, ka miƙa su ga wanda ba ka sani ba, idan kuma kalmar sirrin nan ita ce ta imel ɗinka, an shiga gidanka ke nan. Manhajar kallo ba ta da abin yi da saƙonninka na tes, ko lambobin mutanenka, ko izinin Accessibility. Duk wadda ta nemi waɗannan, ko ta ce ka kashe Play Protect, mai gadin wayar daga miyagun manhajoji, kafin ta shiga, ka rabu da ita. Manhajojin da ke ihun wayarka ta cika da datti, a sauke su su share, su ma ban yarda da su ba. Aikin da suke cewa suna yi yana cikin Settings, abin da suke ƙarawa talla ne da neman izini.

Haka masu sa lambar waya a ƙarƙashin bidiyon gyara suna cewa su ma'aikatan kamfanin ne. Za su ce ka karanto musu lambar da aka turo maka, ko ka sauke wata manhaja su duba wayarka daga nesa. Lambar nan ita ce makullin asusunka. Idan har ta kama sai ka sake saukewa, ka tabbatar ka tuna kalmar sirrinka kafin ka goge, ka shiga Play Store ko App Store kai tsaye, ka duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashin sunan manhajar kafin ka danna Install.