Sharhi kan aikin wata cibiyar fassara a Katsina: kalma ɗaya, fassara huɗu

A matsayina na sakataren ƙungiyar manoman rani da ke aiki kusa da madatsar ruwa ta Ajiwa, a ƙaramar hukumar Batagarawa, na karɓi takarda mai shafi 6 cikin Turanci wadda ke bayanin sharuɗɗan rancen injin ban ruwa da iri. Da yake yawancin 'yan ƙungiyarmu da Hausa suke karatu, sai na kai ta wata cibiyar buga takardu da fassara a cikin birnin Katsina. Aikin ya ɗauki kwana uku, kuma abin da zan auna cibiyar da shi a nan kalma ɗaya ce tak, wato "bank", wadda ta fito sau 11 a takardar.

Daftarin farko wani matashi ne ya yi shi, kuma duk inda ya ga kalmar sai ya sa banki. A wurare bakwai ya yi daidai, domin maganar buɗe asusu ake yi da biyan bashi kashi-kashi. Amma a shafi na huɗu na karanta cewa a ajiye injin aƙalla mita 10 daga banki saboda zaizayar ƙasa. Kowane manomi ya san babu abin da ya haɗa ginin banki da zaizaya, kuma a nan ne alamar kuskuren take: kalmomin da ke maƙwabtaka da ita, wato ruwa da gangara da zaizaya, sun ƙi zama da ita a jimla ɗaya. Na nuna masa, bai yi musu ba, ya ce: "Baba, ku yi haƙuri, bari Malam ya dawo ya duba." Malam ɗin shi ne babban mai fassara na wurin, kuma daga hannunsa ne aikin ya koma abin da zan iya yabawa.

Ya fara da bayyana mini dalilin ruɗanin. A Turanci kanta kalmomi biyu ne da suka yi kama a rubutu da furuci, amma hanyar shigowarsu daban. Ta kuɗi ta shigo ne ta hanyar Faransanci daga Italiyanci, inda take nufin teburin da masu canjin kuɗi ke zama a gabansa, ta kogi kuwa daga harsunan arewacin Turai take, tana nufin tudun ƙasa. Hausa ta ari ta farkon kaɗai, ta mayar da ita banki, jam'inta bankuna, saboda abin ne ya zo mana baƙo tare da sunansa. Ta biyun ba mu taɓa bukatar aronta ba, tunda muna da koguna da sunayen sassansu tun kafin zuwan Turawa. Saboda haka banki a kunnen Bahaushe ba ta da wata ma'ana ta ruwa ko ƙasa ko kaɗan.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya ga maye gurbin banki da kalma ɗaya ta kogi ba. Ya tambaye ni yadda wurin yake, ko ƙasa ce mai tsayi da ruwa ke ci daga ƙarƙashi, ko kuwa shimfiɗaɗɗen wuri ne da ake gangarawa a ɗebi ruwa. Na ce mai tsayi ce, kuma takan rufta idan damina ta yi nisa. Sai ya rubuta gaɓa, ya bar bakin kogi, domin bakin kogi yana tafiya da ruwan: inda yake a watan Agusta ba nan yake a watan Maris ba. Da an ce mita 10 daga bakin ruwa, manomi zai auna daga inda ruwan ya ja da baya a lokacin rani, ya girke injinsa a daidai wurin da takardar ke gargaɗi a kansa. Gaɓa kuwa tana nan inda take, daga ita ake iya awo.

A jimla ta gaba kalmar ta ɓace gaba ɗaya. Turancin yana maganar kogi ya fasa gaɓoɓinsa, shi kuwa ya rubuta "idan kogi ya yi ambaliya", wanda shi ne abin da muke faɗa, kuma ma'anar ba ta ragu da komai ba.

Wuri ɗaya ne muka yi saɓani, kuma har yanzu ina ganin ra'ayina ya fi dacewa da masu karatunmu. Takardar ta ambaci "seed bank", wato tsarin da ƙungiya ke tara iri, ta ba manomi aro lokacin shuka, ya mayar bayan girbi. Malam ya so a ce bankin iri, hujjarsa kuwa ita ce mutane sun saba jin bankin jini a asibiti, kuma kalmar banki tana ɗauke da ma'anar ajiya da karɓa da mayarwa, abin da rumbu ba ya nunawa shi kaɗai. Hujjar tana da ƙarfi. Sai dai na san mutanenmu: da zarar sun ji banki, tunaninsu zai tafi ga kuɗin ruwa da jingina, kuma akwai dattawan da za su janye saboda gudun riba. Muka daidaita a kan "rumbun iri na ƙungiya", tare da jimla guda da ke bayyana cewa aro ake bayarwa, a mayar da kwatankwacinsa bayan girbi. Ya karɓi gyaran ba tare da ɓacin rai ba, ko da yake ya ce a takardar likitoci ba zai taɓa barin bankin jini ba, na kuma yarda da shi a kan haka.

Ta ƙarshe ita ce ta nuna iyakar dabarar duba maƙwabtan kalma. A shafi na shida an ce 'yan ƙungiya za su sadu da jami'in shirin ranar Litinin a "bank", babu kuɗi a jimlar, babu ruwa. Sakin layin da ya gabace ta kan sa hannu a takardar rance yake, wanda ya biyo bayanta kuma kan duba wurin girke injin. Ni da kaina na ɗauka banki ake nufi. Malam ya ƙi yin hasashe, ya ce: "Ranka ya daɗe, Turancin ya iya ɓoye wannan, amma Hausa dole ta zaɓi ɗaya, kuma ba ni ne na san inda jami'in zai tsaya ba." Ya sa na kira wanda ya aiko da takardar, sai ga shi gaɓar ake nufi, wurin da za a auna mita 10 ɗin. Da mun bi zatona, da mutum 40 sun biya kuɗin mota zuwa cikin gari, jami'in yana jiransu a fadama.

Aibin cibiyar a wurina shi ne sun miƙo mini daftarin farko kafin babban mai fassara ya gani, kuma da ban iya Turanci ba, da haka zan raba shi. Wanda zai kai musu takardar da ta haɗa kuɗi da noma, ya nemi Malam ya duba da kansa, ya kuma tafi da lambar wanda ya rubuta takardar ta asali. Mun buga kwafi 60 na gyararren, aka karanta shi a taron ƙungiya bayan sallar La'asar, kuma tambayoyin da suka taso duk a kan wa'adin biyan bashin ne.