Zanen yaron yadda yake, ko a mayar da shi kamar dabbar gaske?

"Jama'a, ɗana zai cika shekara 6 ran Asabar ta sama. Akwai wata dabba da ya ƙirƙira, wai ita Dumbulum, akuya mai fukafukan zabo da ƙafa biyar. Ina so in sa ta cikin hotonmu na sallah in ba shi mamaki. In sa zanensa yadda yake ne, ko in ba masu aikin hoto su mayar da ita kamar ta gaske?"

Anti, na yi duka biyun, kuma in ni ce, zanensa zan sa.

Aikin zane a waya ma za ki gama shi. Ki shimfiɗa takardar kusa da taga da rana, ki ɗauke ta daga sama daidai, ki kashe filashi, kada inuwar hannunki ta faɗa kai. Sai ki buɗe hoton sallar a manhajar zane ta ibisPaint X, ki ɗora zanen a kansa a matsayin wani `Layer` daban, wato shimfiɗa mai zaman kanta a saman hoton, ki sa shi a `Multiply`. Nan take farin takardar zai ɓace. Amma a nan mutane ke tuntuɓe: Dumbulum za ta zama kamar gilashi, ki riƙa hango tabarma ta cikin cikinta. Maganinsa, ki buɗe sabon `Layer` a ƙarƙashin zanen, ki shafe daidai jikinta da farin launi. In ya yi zanen a littafin makaranta mai layi-layi, sai kin bi layukan da ke kewaye kin goge da hannu. Gara ki yi masa wayo tun yau, ki ba shi farar takarda ki ce ya zana miki ita babba.

Ɗaya hanyar kuwa ɗinki ne. Mai aikin zai nemo hoton akuya da na zabo, ya yanka ya haɗa a kwamfuta, kuma dole hasken kowane yanki ya zo daga gefe ɗaya da na hotonku. Yana cin kwanaki da kuɗi, kuma in an dace yana da kyau ƙwarai a bango. Matsalar ita ce babba ba ya iya barin abu a karkace. Ɗiyar yayata ta zana zomo mai kunne uku. Wanda na ba aikin ya ɗauka kuskure ne, ya gyara mata zuwa biyu, ya sa masa idanu masu ƙyalli irin na gaske. Ta duba, ta ture hoton, ta ce wannan ba nata ba ne, har ta ɗan tsorata da idon. In har kin zaɓi wannan, ki rubuta masa ƙafa biyar, ki ja layi a ƙarƙashi, ki kuma ce ya turo miki kafin ya kai bugu.

Abin da ya haɗa hanyoyin biyu shi ne inuwa. Ita ce ke sa dabba ta tsaya a ƙasa, in babu ita sai ta zama kamar sitika a bayan Keke Napep. Ki duba ƙafafun mutanen da ke hoton. In inuwarsu ta kwanta hagu, ta Dumbulum ma hagu za ta kwanta. Ki zana ta da baƙi a wani sabon `Layer` a ƙarƙashin dabbar, ki sa mata `Gaussian Blur` bakinta ya yi laushi, ki rage `Opacity`, wato ƙarfin launinta, zuwa wajen 40. Daidai inda kofato ya taɓa ƙasa, ki ƙara ɗan siririn duhu. Kuma ki bar kafaɗar yaron ko gefen rigarsa ya ɗan rufe jikinta, ta hanyar goge wannan ɓangaren na zanen da na farin da ke ƙarƙashinsa. Wannan kaɗai ke sa ido ya yarda a bayansa take tsaye. A nan zane ya fi sauƙin kai, don ko inuwar ta ɗan kauce ba wanda zai damu, alhali ta gaske kuskure kaɗan ke tona mata asiri.

Sai bugu. Firam mai inci 8 da 10 yana son hoto mai ɗigo 2400 da 3000 kafin ya fito tas. Hoton da ya zagayo ta WhatsApp an riga an matse shi, don haka ki nemo na asali daga wayar da ta ɗauka, kuma in za ki tura wa mai bugu, ki tura ta `Document`. Ki kai tun Laraba, don in launin ya fito da duhu ki samu damar a sake.

Kafin nan, ki tambaye shi cikin hira ko Dumbulum ta kai tsawon Babansa. Na taɓa yin wata kamar kyanwa, ashe a tunanin mai ita ta fi ƙofar gida.