Shagon buga takardu na Samaru: hannu da sauri, amma sai ka tsaya a kansu

Ni ba na gani, da kunne nake karatu, da manhajojin da ke karanta mini rubutu da murya: NVDA a kwamfuta, TalkBack a waya. Wani abokina ya ara mini littafin da ya rubuta lakcocin tarihin Zazzau na zangon nan, na kai shagon nan na Samaru da ɗalibai ke cika, a buga mini a Word. Kun san yadda suke caji kan kowane shafi, ban yi ciniki ba. Shafi 46 ne, kwana biyu yaron ya gama, har da ƙ da ɗ da ɓ duk a wurarensu. Na dawo gida ina sa masa albarka.

Da dare na buɗe fayil, na danna NVDA+Space don in riƙa tsallake, na danna H, wanda ke kai mutum kan magana na gaba. Sai na ji "no next heading". Shafi 46 babu kan magana ko ɗaya! Ashe kaurara rubutun kawai ya yi, ya ƙara masa girma. Mai ido zai ga kanu, manhaja kuwa layi take gani kamar kowane layi. Saura kwana uku jarrabawa, ni kuma sai dai in saurara daga bisimilla har zuwa inda nake nema.

Washegari na hau keke na koma. Ya ce, "Malam, ai ga su nan manya-manya." Na ce, "Ƙanena, girmansu bai iso kunnena ba." Na sa shi ya ɗora kibiya kan layin ya danna Ctrl+Alt+1 don babban babi, Ctrl+Alt+2 don na ƙarƙashinsa. Bai yi musu ba, bai kuma ƙara ko sisi ba, wannan kam na yaba masa.

To, da na danna Insert+F7 don in ji jerin kanun duka, sai wani haushin ya taso. "Gabatarwa" sau shida. "Ci gaba" sau huɗu. Ragowar duk sun fara da "Taƙaitaccen bayani a kan". Mu da muke sa murya ta yi gudu, kalma biyu ta farko muke ji mu wuce, don haka in duk kanu sun fara iri ɗaya, tamkar babu su ne. "Ci gaba" kuwa, ci gaban me? Kan magana dole ya tsaya da ƙafarsa ko an ciro shi daga shafin, kalmar da ta bambanta shi kuma ta zo farko: "Ganuwar Zariya da ƙofofinta", ba "Taƙaitaccen bayani a kan ganuwa" ba. Na san abokina ne ya rubuta haka, amma tun ranar farko na gaya wa mai shagon da kunne zan karanta, ya ce ya gane.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jerin gidajen sarauta. Na mayar da fayil ɗin sauti don in riƙa ji a hanya, a sauti kuwa babu ɗigo, babu matsar da layi ciki, kalmomi ne kawai. Yaron ya rubuta sunan gida, ya jera sarakunansa a ƙasa, ya tura su ciki da tazara. Abin da kunnena ya ji shi ne: "Aliyu Ɗan Sidi Barebari Yamusa", a numfashi ɗaya. Haka na haddace cewa Aliyu Ɗan Sidi Babarbare ne, alhali shi ne na ƙarshe a jerin Mallawa da ke littafin, Barebari kuwa kan sabon jeri ne. Ba don wata 'yar ajinmu ta yi mini dariya a wajen bita ba, da haka zan amsa a jarrabawa.

Ni da yaron shagon mun zauna mun sake jerin da baki. Farko a faɗi adadi: "Gidajen sarautar Zazzau huɗu ne: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa." Sannan kowane gida da jimlarsa: "Gida na uku, Katsinawa. Sarakunansu huɗu ne. Na farko Abdulkarim, na biyu Sambo, na uku Muhammadu Aminu, na huɗu Shehu Idris, daga 1975 zuwa 2020." Adadin ne ke gaya maka jeri ya ƙare, aya a ƙarshen layi kuma ita ke sa muryar ta numfasa. Mun cire "duba sama" da 'yan alamun maimaici da ya zuba ƙarƙashin kalmomi, domin muryar tsallake su take yi.

Zan koma, don shi kaɗai na samu mai haƙurin zama da ni awa biyu. Amma kuɗin keke sau uku daga Tudun Wada, wannan daga aljihuna ya fita, kuma shafi na 31 har yanzu "Ci gaba" yake cewa.