Sharhi kan mai ba da shawarar da ta tsara mana aiki a Damagaram

Sana'ata zanen afishi, katin biki da bandarol a kan kwamfuta. Da aiki ya fi ƙarfina na jawo matasa biyu, daga baya ƙanwar matata ta shigo, muka kama shago a Sabon Gari. Matsalar da ta taso ita ce farashi: mai aiki ya same ni in ce jika 30, gobe ya samu yarona ya ce jika 20. Wannan ya sa muka ɗauki wata Hajiya mai tsara wa ƙananan masana'antu lissafi. Mun biya ta jika 75, kuma a ganina kuɗin sun yi amfani.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne yadda ta fasa kowane farashi gida huɗu. Ga misalin da muka yi da ita, na wata makarantar kuɗi da ta nemi afishi da bandarol na buɗe shekara, a kan jika 50 ban da kuɗin bugawa. Wanda ya zana ya ɗauki rabi, jika 25. Wanda ya kawo aikin kuma yake amsa wayar mai shi har a gama, 7,500. Mai dubawa, jika 5. Sauran 12,500 na shago ne: haya, wuta, intanet, man janareta. A da duk wannan aljihuna ɗaya yake shiga, shi ya sa nake ganin jika 30 riba ce, alhali ban biya kaina lokacin da nake kashewa a waya ba. Yanzu farashin yana rubuce a takarda ɗaya, manne a bango. Ana karɓar rabi kafin a fara, gyara biyu kyauta ne, na uku jika 5. Ragi kuma ba ya wuce kashi 10 cikin ɗari, daga kason shago yake fita, ba daga na mai zane ba.

Kason mai dubawa ne na yi gardama a kansa. Ta ce mini, "Ƙanena, idon da ya zana abu ba ya ganin kuskurensa. In ba ka biya mai dubawa ba, zai duba ne kawai in ya samu sarari." Na ce, "To Hajiya, mu gwada."

Dokar ita ce wanda ya zana ba ya sallamar aikinsa. Ƙanwar matata ce ke dubawa, kuma a takarda take yi, ba a allon waya ba. Tana gwama sunaye da rubutun da mai aiki ya turo, harafi da harafi. Lambar wayar da ke kan afishi tana buga ta da gaske, ta ji wa zai ɗauka. Tana neman ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, domin yawancin kyawawan haruffan ado ba su da su. Sai ka ga akwati babu komai a ciki, ko harafi ɗaya ya fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma. Daga nan ta tabbatar launi yana kan CMYK, wato tsarin launin injin bugawa, kaifin hoton afishi ya kai 300 dpi, an kuma bar milimita 3 a gefe saboda yanka. A aikin makarantar nan ta gano lambobi biyu sun yi musanyar wuri a lambar darakta. Da an buga kwafi 500 haka, kuɗin sake bugawa zai cinye kason shago gaba ɗaya.

Hajiya ta kuma nuna mana cewa ƙungiyoyi da ma'aikatu za su nemi NIF da RCCM, wato lambar biyan haraji da rajistar kasuwanci, kafin su ba da kwangila, kuma takardar farashi ta faɗi ko harajin TVA na kashi 19 yana ciki ko babu.

Inda ban gamsu ba guda biyu ne. Tsarinta ya ɗauka kullum akwai aiki, amma lokacin damina kasuwarmu kan yi sanyi, kuma mai dubawa da ke jiran kashi 10 ba za ta iya riƙe kanta da shi ba. Mu da kanmu muka yanke mata ƙaramin albashi daga kason shago. Na biyu, ba ta taɓo zancen dangi da maƙwabta ba, waɗanda ke tsallake takardar bango su kira ni kai tsaye. Yanzu idan na yi wa wani alfarma, daga kasona nake cikawa.

Wanda har yanzu shi kaɗai ke aiki bai buƙaci wannan hidima ba tukuna. Amma in mutum na biyu ya fara faɗa wa masu aiki farashi da sunan shagonka, ina ba da shawarar a nemi irinta, a kuma tambaye ta tun farko yadda za a biya ma'aikata a watannin da babu ciniki.