Odar jira ko sayar da put: wanne ya fi wajen sayen hannun jari da rahusa?

Wani ɗan uwa daga Samaru ya tambaya: "Hannun jarin da nake so yana dala 50, ni kuma a 45 nake son sa. An ce in sayar da put, a biya ni kuɗi ina jira. Me ya raba shi da in sa oda a 45 kawai?"

Malam, bambancin yana wajen wanda ke riƙe da zaɓi. Idan ka sa odar Limit a 45, wato odar jira da ba za ta saya sama da wannan farashin ba, zaɓi yana hannunka: ko hannu 7 kake so za ka iya, kuma duk lokacin da ka ga dama ka soke ta ba ko sisi. Idan kuwa ka danna Sell to Open, wato ka sayar da put, ka sayar wa wani zaɓin ya sayar maka da hannun jarin a 45 in ya so, kai kuma alkawarin saye ya hau kanka. A kasuwar Amurka kwangila ɗaya hannu 100 ce, don haka a farashin 45 dillali zai kulle dala 4,500 ɗinka har wa'adi ya cika. A ce wa'adin kwana 30 ne, an biya ka dala 1.20 a kan kowane hannu. Ka karɓi dala 120 nan take, kuma in aka ɗora maka hannun jarin, ya zo maka a 43.80.

In farashi ya yi ta yawo tsakanin 46 da 50 har wa'adi ya ƙare, mai put, wato wanda ya sayar da shi, shi ne da riba. Ya ci dala 120, wajen kashi 2.7 cikin ɗari a wata, mai odar jira kuwa bai samu komai ba. Wannan watan ne masu tallar dabarar ke nuna wa mutane.

Amma a ce a tsakiyar wata farashi ya sauka 44, sannan ya haura 53. Mai odar jira ya sayi hannu 100 a 45, yana kan ribar dala 800. Mai put galibi ba a kawo masa komai ba, domin wanda ya sayi zaɓin ba ya cika amfani da shi kafin wa'adi. Wato rahusar ta zo ta wuce, shi yana riƙe da dala 120.

Inda abin ke ciwo shi ne faɗuwar dare ɗaya. Kamfani ya fitar da rahoton ribarsa bayan an tashi kasuwa, rahoton ya yi muni, washegari aka buɗe a 32. Mai odar jira yana da dare guda ya ji labari ya soke. Ko ma barci ya kwashe shi, odar Limit tana cika ne a farashinta ko ƙasa da shi, don haka wajen 32 zai saya. Mai put dole ya biya 45 a kan abin da kowa ke samu a 32: asarar dala 1,300, a cire 120, saura 1,180. Ladan kusan wata goma ya tafi a safiya ɗaya. In ya ce zai fita, sai ya sayi put ɗin da ya sayar a 1.20 a kan dala 13 ko sama da haka. Kamar ɗan kasuwar da ya karɓi ɗan kuɗi ya yi wa manomi alkawarin sayen masara a farashin da aka yanke tun damina, sai kaka ta zo kasuwar Giwa ta cika maƙil.

Shi ya sa in ka ga ladan ya yi tsoka fiye da na sauran kamfanoni, kada ka ɗauka garaɓasa ce. Kasuwa ce ke tsammanin girgiza. Duba ko ranar rahoton kamfanin ta faɗa cikin wa'adinka, sannan ka duba tazarar Bid da Ask, wato farashin masu saye da na masu sayarwa. In ana saye a 1.00 ana sayarwa a 1.40, shiga da fita kaɗai za su cinye maka dala 40. Ka kuma sani cewa in wa'adi ya cika farashi na ƙasa da 45 ko da da senti ɗaya ne, kai tsaye ake ɗora maka hannun 100.

A ganinmu put ya dace ne da wanda ke da dala 4,500 da ba ya buƙata, kuma zai riƙe hannun 100 ko da sun koma 30. Mai ƙaramin jari, wanda wannan kuɗin ne rabin abin da ya tara, odar jira ta fi masa. Akwai kuma batun addini: majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1992 cewa cinikin irin wannan zaɓi bai halatta ba, don haka ka tuntuɓi malaminka kafin ka nemi dillali ya buɗe maka wannan sashe.