Na kai huluna 12 a ɗauka mini hoto a kan farin kwali: ga yadda ta kaya

Huluna nake sayarwa a nan Katsina, yawanci zanna da kube, kuma rabin cinikina ta waya yake zuwa. Shekara biyu ina ɗaukar hotunan da kaina a kan dardumar shago. Abin da ya tayar da ni shi ne wani mutumin Daura da ya sayi hula don ya haɗa da shaddarsa ruwan toka, ya mayar da ita washegari. A hoto ya gan ta da toka-toka, a hannu kuwa ta fi karkata ga shuɗi. Bai yi ƙarya ba, hoton ne ya yaudare shi. Shi ya sa na ɗauki huluna 12 na kai wa wani mai hoto da ke wajen Ƙofar Ƙaura.

Zuwan farko bai yi kyau ba. Abin da na ce masa kawai shi ne, "Malam, farin baya nake so, kamar na manyan shagunan intanet." Ya ce an gama. Da hotunan suka zo, bayan ya fito fari fes, amma hulunan kamar an yanko su da almakashi an manna. Babu inuwa ko kaɗan a ƙarƙashinsu, sai suka zama kamar suna shawagi a iska. Gefen zaren ma ya ci shi wajen goge bayan a kwamfuta. Na kira shi na ce ban gamsu ba. Abin da ya burge ni, bai yi musu ba, ya ce in dawo mu zauna in faɗa masa da baki abin da idona yake nema.

A wannan zaman na gane cewa "farin baya" ba bayani ba ne. Ga abin da muka tsayar, har na rubuta a waya don gaba: hula ɗaya a tsakiya, a ɗan karkace yadda za a ga saman da gefen aikin zare tare, bayan ya zama fari ba layi, ba kusurwa, inuwa ta kwanta a ƙarƙashin hular, mai laushi, wadda bakinta yake narkewa a hankali ba mai kaifi ba, kalar zare ta fito yadda take a ido, hoton ya zama murabba'i, hular ta cika mafi yawansa, a bar ɗan fili daidai a kowane gefe.

Sai ya nuna mini yadda ake samun hakan, kuma kayan ba su kai yadda na zata ba. Farin kwali ne babba, ya manna samansa a bango ya bar ƙasansa ya sauko kan tebur a lanƙwashe, ba tare da ya karya shi ba. Wannan lanƙwasar ce take ɓatar da layin da ke tsakanin bango da tebur. Fitila ɗaya ya kunna a hagu, a ɗan sama, cikin wani akwati mai farin yadi a fuska, faɗinsa ya kusa kamu biyu. A dama kuma ba fitila, wani farin kwalin ya jingina yana mayar da haske.

Maganar inuwar ita ce na fi tsayawa a kai, don a nan na fi ƙaruwa. Ya cire yadin ya bar ƙwan fitilar tsirara, nan take inuwar hular ta fito baƙa ƙirin da baki kamar wuƙa, irin inuwar mutum da azahar. Ya mayar da yadin, ta yi laushi. Ya ja fitilar baya kamar taku uku, ta sake yin kaifi. Ya matso da ita kusa da hular, ta narke. Ya ce, "Alhaji, ba ƙarfin fitila ba ne, girmanta ne a idon hular. Idan hasken ya fito daga wuri mai faɗi kuma yana kusa, yana zagaye abu ta ko'ina, inuwa ba ta samun baki." Shi ya sa ranar da hazo ya rufe gari inuwar mutum take dushewa, sararin sama gaba ɗaya ya zama fitila. Kwalin dama kuwa shi yake daidaita nauyin inuwar: in ya matso da shi ta yi haske, in ya janye ta yi duhu. Mun tsaya a inda ake ganin hular ta zauna daram a kan abu, amma aikin zaren ɓangaren dama bai nutse ba.

Na tambaye shi dalilin da farin yadin da na taɓa gwadawa a shago yake fitowa ruwan toka a wayata. Ya ce kyamara tana auna haske ne da zaton duk abin da ke gabanta matsakaici ne, to in ta ga fari ya cika fili sai ta rage haske. Maganin shi ne a ƙara da hannu, mataki ɗaya zuwa biyu, wato +1 ko +2 a ma'aunin. A waya ma ana yi, ka taɓa hular a allo ka ja alamar rana sama. Fari na ainihi a kwamfuta shi ne `#FFFFFF`, kuma ya nuna mini yadda yake duba kusurwoyin hoton ya ga sun kai nan. Batun kalar da ta jawo mini mayar da kaya kuwa, haɗa haske biyu ne: na rana daga ƙofa, da na ƙwan shago mai ɗan ja. Kafin ya ɗauka sai da ya kashe fitilun ɗakin ya saki labule.

Inda aikin ya gaza shi ne farar hula. Ina da guda biyu masu farin zare a kan fari, irin wadda dattawa suke nema don Juma'a da Sallah. Da ya ƙara haske don bayan ya yi fari, saman hular ya narke cikin kwalin, ba ka gane inda ta ƙare. Ya kawo baƙin kwali biyu ya tsayar a gefe da gefe, wajen da kyamara ba ta gani, don su sa wa bakin hular ɗan duhu. Gefen ya fito, amma aikin zaren har yanzu bai kai yadda yake a hannu ba. Ɗaya na karɓa, ɗayar na ce a bar bayanta da ɗan toka-toka, don gara a ga zaren da a ce bayan ya yi fari. A ganina da ya sauke fitilar ta bugo daga gefe sosai, da tudun zaren ya fi fitowa, amma lokaci ya ƙure masa, wasu suna jiran hoton fasfo.

Wani abin da ban ji daɗinsa ba, a karon farko ya turo hotunan ta WhatsApp kai tsaye, manhajar ta matse su, in ka buɗe zaren sai ya dagule. Sai da na ce ya sake turowa ta Document. Kuma kwalinsa yana da ɗigon ƙura a kusurwa, wanda a wannan iskar ta hunturu dole a riƙa kaɗewa kafin kowace hula.

Goma cikin 12 sun fito yadda nake so, kuma bai karɓi kuɗin zama na biyu ba. Na ɗora hular shuɗin nan kusa da hotonta a waya, a bakin ƙofar shago da hantsi, kala ɗaya ce. Zan koma da sabbin kaya kafin azumi, amma fararen zan ware musu ranarsu daban, da safe kafin jama'a su taru masa.